Jadawalin bango da jadawalin baki

Mu a Gallabat agogo uku muke aiki da su, kuma duk ukun muna iya makara a kansu. Akwai agogon Sudan, wanda gwamnati ta mayar baya da awa ɗaya a watan Nuwamba na 2017. Akwai na Metema, can ƙetaren gada, wanda ke gaban namu da awa guda. Sai kuma lissafin mutanen Habasha na gida, da ke fara ƙirga awoyi daga wayewar gari, wato in agogonmu ya buga shida na safe, na Metema ya buga bakwai, ita kuwa abokiyar aikinmu 'yar Habasha a wurinta ƙarfe ɗaya ne. To ka ce wa mutum "ka zo ƙarfe biyu ka karɓe ni" ba ka faɗi na wane agogo ba, ai kai ka ba shi ƙofa, kuma wallahi kowannenmu ya san inda ƙofar nan take. Shi ya sa a ɗan asibitin da muke aiki abu na farko da ake rubutawa a saman takardar wardiyya, tun kafin sunan kowa, shi ne "da agogon Sudan".

Garin nan dama tun asali na masu wucewa ne da suka zauna. Takari ne suka raya shi, mutanen yamma masu tafiya Makka a ƙasa, wasu suka je suka dawo suka tsaya nan, wasu ma ba su ƙarasa ba. Daga baya namu na ƙasar Hausa suka ƙaru bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bazu daga Mai Wurno har Gadarif da ƙauyukanta. Ga 'yan Darfur, ga 'yan Nuba, ga Amhara da Tigre da ke ƙetaro gada da safe su koma da yamma. Don haka in ka tara mutum takwas a wurin aiki ɗaya a nan, ka tara Juma'a da Lahadi, ka tara azumi iri biyu, ka tara mai gonar riɗi da wanda ko kaza ba ya da ita, ka tara mai goyo da tsohon da gwiwa ta fara yi wa gardama. Kuma dukkanmu, in an tambaye mu, adalci muke so. Sai dai kowa adalcin da zai kwana a gida yake nufi.

Jadawali biyu gare mu, kowa ya sani. Akwai na bango, wanda shugabar ma'aikatan jinya, Sista babba, ke zaunawa ta ja masa layi da rula a ƙarshen wata. Akwai kuma na baki, wanda ake ƙullawa a gindin mai shayi wajen fatur, da "don Allah", da "kai ai ɗana ne", da "gobe zan rama maka". Na bango kwana uku yake yi da mutuncinsa. Na huɗu sai ka ga an soke suna da biro an rubuta wani a sama, na goma kuwa takardar ta zama sai mai ita ke iya karantawa. Ba mugunta ba ce. Mu mutane ne da ba mu iya cewa a'a ga babba, ba mu iya cewa a'a ga mai makoki, ba mu iya cewa a'a ga mace mai jariri a baya. Kyakkyawar ɗabi'a ce, ina alfahari da ita. Amma duk "to, je ki" da aka faɗa, akwai wanda zai kwana a zaune saboda ita, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu.

Bari mu yi lissafin a fili, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wardiyya uku ce a yini: safe daga shida zuwa biyu, yamma daga biyu zuwa goma, dare daga goma zuwa shida. Kowace tana son mutum biyu, saboda ba a barin mutum ɗaya da dare ya tsaya kan mai naƙuda ga kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa yake suma. Gurbi 6 ke nan a yini, 42 a mako. Dokar ƙwadago ta Sudan ta 1997, wadda ke kan wurare masu zaman kansu irin namu, ta ce awa 48 ne aikin mako, wato wardiyya shida ga kowa. Mutum takwas sau shida, 48. Ka cire 42, saura 6. Shidan nan su ne duk rarar da muke da ita a duniya, kuma daidai suke da aikin mutum ɗaya. Ma'ana mutum ɗaya tak ke iya tafiya hutu a lokaci guda ba tare da an danne kowa ba. In biyu suka fita, mutum shida da suka rage gurbi 36 kawai za su iya cikewa, sauran shida sai wani ya haɗa wardiyya biyu ko ya ci ranar hutunsa. Duk mun san wannan lissafi, amma in ranar neman ijaza ta zo, kowa sai ya manta da shi ya ce "ai kwana biyu ne kawai, Allah zai rufa asiri". Allah yana rufawa kam, amma da bayan wani bawan nasa yake rufawa.

Dare shi ne inda ake gane gaskiyarmu. Gurbin dare 14 ne a mako, 56 a mako huɗu. In an raba wa takwas daidai, kowa bakwai. To amma Baba mai ba da magani ya haura sittin, idonsa ba ya ganin rubutun kwalba a hasken tocila in wuta ta ɗauke, kuma babu mai kunyar da zai iya rubuta sunansa a dare. Mai goyo kuma doka ma ta rage mata awa ɗaya a yini har shekara biyu don shayarwa, balle a ce ta bar jariri ta kwana a nan. Sai 56 ta faɗo kan mutum shida: huɗu su yi tara tara, biyu su yi goma goma. Har nan ba laifi, kowa ya yarda, tuwon girma miyarsa nama. Inda muke ɓata abin shi ne mu ɗauka cewa tunda an yafe wa mutum dare, an yafe masa komai. Baba da kansa ya fi mu gane haka. Ran nan ya ce wa Sista babba, "'Yata, tunda yaran nan suna ɗauke min dare, ki ba ni yammacin Alhamis da duk safiyar da ta biyo bayan biki, ni ba na zuwa rawa." Ita mai goyo kuma ta karɓi safiyar Asabar duka. Abin da aka sauke wa mutum a wani gefe, a ɗora masa wani abu da zai iya a ɗaya gefen, kuma a rubuta kowa ya gani. In ba haka ba matasan ba za su yi magana ba, amma za su fara ciwon kai duk ranar Laraba.

Sai Juma'a. Nan ne muke da wata dabara da muke kira zumunci. Muna da Kirista biyu, ɗan Nuba da 'yar Habasha, sai mu ce ai abu ya yi kyau, su riƙe mana Juma'a mu riƙe musu Lahadi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A baki daidai ne. Amma Juma'a a Sudan ita ce ranar da gari duka ke hutu: ranar ɗaurin aure, ranar ziyara, ranar da yara ba sa makaranta. Lahadi kuwa ranar aiki ce, kowa ya fita. Wanda muka ba Lahadi ya dawo daga coci ya tarar da gida ba kowa, 'ya'yansa suna aji, maƙwabta suna kasuwa. Shekara guda yana iya yi bai ci abincin rana da iyalinsa a ranar hutu ba, mu kuwa muna yaba masa da cewa mutumin kirki ne. Haka muke yi wa matanmu Musulmi: mu ce ai Juma'a ba ta wajaba a kanki ba, Yaya, ki tsaya mana. Ita kuwa ranar ce kaɗai take da ita ta wanki da kitso da leƙa mahaifiyarta.

Abin da muka daɗe ba mu so mu furta ba shi ne sallar Juma'a ba yini take ci ba. Daga alwala zuwa dawowa awa ɗaya da rabi ta isa, ko biyu in liman ya ji daɗin huɗuba. Sauran awoyin na barcin rana ne da hira, kuma waɗannan ba su fi na kowa tsarki ba. Don haka safiyar Juma'a yanzu tana zagayawa kan kowa, namiji Musulmi ya haɗu da wanda ba ya fita salla, ya je masallaci ya dawo ya ƙarasa aikinsa. Haka ita ma 'yar Habasha, ibadarsu ta Lahadi da sassafe take, hantsi na yi an tashi, in an ba ta yamma ta wadatar. Ibada awoyi take nema, kuma awoyin nan a ba kowa nasa ba tare da ya roƙa ba. Cikakkiyar ranar hutu kuwa kaya ne na kowa, a raba ta da layi.

Kuma mu daina ce musu "Kiristocinmu" kamar abu ɗaya ne. Ɗan Nuba Kirsimetinsa 25 ga Disamba. Ita kuwa Genna take yi 7 ga Janairu, sai Timkat 19 ga wata, Meskel a ƙarshen Satumba, sabuwar shekararsu ma a Satumba take. An taɓa ba ta hutun 25 ga Disamba ana jiran ta yi godiya, ta yi godiyar kuwa, ta zauna a gida ba abin da take yi, ranar Timkat kuma tana nan tana ɗaura wa mutane ruwa alhali ana jin kiɗa da waƙa daga Metema. Tambaya ɗaya a farkon shekara ta isa ta hana wannan: kowa ya faɗi ranaku uku da ba ya so a taɓa masa, a rubuta su da jan biro kafin a ja layin komai.

Azumi kuwa nan ne ake dariya da mu. A 2024 Ramadan da babban azumin Habasha na kwana 55 a mako ɗaya suka kama, cikin Maris, lokacin da zafin Gadarif ke haura digiri 40. Mu da muka saba cewa "ke ai ba kya azumi", sai muka jera wa 'yar Habasha safiya duka, wai mu mu huta. Ashe ita ba ta sa komai a baki sai ƙarfe tara na lissafinsu, wato uku na Metema, wato biyu na agogonmu, daidai lokacin da wardiyyar safe ke tashi. Duk aikin da yunwa take yinsa, in ta tashi kuma ba nama ba madara ba ƙwai har Fasika. Da aka zauna aka duba, sai ga shi abin ya dace da juna kamar an auna. Masu Ramadan safiya ta fi musu, sun yi sahur, rana ba ta yi tsanani ba, doka ma ta rage musu awa ɗaya, mata kuma su samu komawa gida su dama asida su jiƙa hilu-mur. Ita kuma yamma ta fi mata, ta ci ta sha, ta tsaya a kan marasa lafiya lokacin da rana ta faɗi, wajen shida saura a nan gabas, mu kuma mu fita mu zauna a tabarmar bakin titi inda ake tare matafiya a ce sai sun sauko sun sha ruwa. Amma yamma zalla wata guda ba kyauta ba ce, bashi ne, kuma bashi hanji ne yana cikin kowa. An biya ta da makon ƙarshe na azuminsu da daren Asabar da suke kwana a coci, ta yi Fasikarta ranar 5 ga Mayu ba wanda ya kira wayarta.

Yanzu ga babbar rigima, wadda ba ruwanta da addini: riɗi. Daga Oktoba zuwa Nuwamba duk Gallabat da Basunda da Doka hankali yana gona. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba kwansonsa ya buɗe ya zube ƙasa, wahalar damina ta tafi ga tururuwa. A lokacin ne za ka ga mutum biyar cikin takwas sun tuna suna da ijaza. Doka ta ba wanda ya cika shekara kwana 20, tana hawa har 30 ga wanda ya kai shekara goma sha biyar, kuma in aka jera hutun takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, shekara ta ɗauke su har da saura. Matsalar kowa makonnin kakar nan yake so. Su ne kuma makonnin da gadajenmu ke cika, zazzaɓin bayan damina ya yi yawa, ga masu kala-azar da ke fara zuwa da kumburarren ciki da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, sai an gane su an tura su inda ake jinyarsu kamar Tabarak Allah. Da, wanda ya riga ya kai wa Sista takarda shi ke samu, wato mai bakin magana da wanda gidansa ke kusa da nata. Yanzu an yanka kakar gida gida, kwana biyar biyar, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma wanda ya zaɓa farko bana shi ne na ƙarshe baɗi. Kwana biyar ba sa gama gona, amma suna isa mutum ya tsaya a kan 'yan yanka ya ga an ɗaure an jingina, sauran ya bar wa ƙanensa. Waɗanda ba su da gona kuma, da suka riƙe wuri a lokacin, su ke fara zaɓe a Babbar Salla ko Timkat ko hutun makaranta.

Akwai mutum ɗaya da nake so mu ji kunyarsa, shi ne saurayin da bai yi aure ba. Kowane wurin aiki yana da shi. "Kai wa ke jiranka a gida?" Da wannan kalma muka ba shi daren Salla, da daren da aka yi ruwa hanya ta yanke, da duk daren da wani ya yi baƙi. Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, aka fara kwararowa daga Khartum, sannan daga Madani, sannan daga Sinja, wasu su ƙetare gada wasu su tsaya, gidan yaron nan ya cika da gwaggo da 'ya'yan yayye. Shi ke bin layin burodi, shi ke neman ruwa, shi ke kai tsohuwa awo. Nauyin iyali ya fi na wasu masu mata biyu, amma da yake ba shi da uzurin da ake faɗa da murya mai nauyi, ba a ƙirga shi. Haka matar da Allah bai ba haihuwa ba, ita ma mun mai da ita ma'ajiyar dare, kuma kalmar da muke faɗa mata ta fi daren ciwo. A wajen rabon aiki kada a auna uzurin wa ya fi girma, domin mai iya kuka ne zai ci kullum. A ƙirga abin da kowa ya ɗauka.

Ƙirgar ba ta da wuya. A bayan takardar bango akwai wani ɗan shafi mai layi huɗu a gaban kowane suna: dare nawa, Juma'a nawa, ranar idi nawa, sau nawa aka kira shi ba zato. Ba a share shi ƙarshen wata, yana tafiya har shekara, saboda rashin adalcin wata ɗaya ba ya nuna kansa, sai an tara wata shida ake ganin wani yana da dare sittin wani talatin da biyar. Musanya kuma ba a hana ta ba, wa zai iya hana mu? Sharaɗi dai a rubuta a takarda, su biyun su sa hannu, Sista ta gani, kuma a rubuta ranar ramawa a lokacin, ba "in Allah ya kai mu" ba. Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ko da su biyun sun amince: wanda ya kwana ya zarce da safe. Awa goma sha shida ke nan a tsaye, kuma wajen ƙarfe goma sha ɗaya ne hannu ke ɗaukar kwalbar da ba ita ba, ko a lissafa wa yaro maganin babba. In kana son sanin ko jadawali ya fara cin wani, duba sunan da ya fi yawa a saman wuraren da aka soke, ka duba wanda ke kwanciya ciwo kwana biyu bayan kowace Salla, da wanda ya daina zama wajen shayi. Irin wannan ba ya faɗa. Wata rana kawai za ka ji ya samu aiki da wata ƙungiya a Um Rakuba, mu kuma mu ce yaran yanzu ba su da haƙuri.

Abin da ba ya shiga layi shi ne mutuwa. In an yi rasuwa zaman makoki kwana uku ne, kuma a garin da kowa dangin kowa ne, rasuwa ɗaya tana iya taɓa mutum uku a cikinmu. Ga gada da ake iya rufewa ba sanarwa, kamar yadda aka yi a Satumban 2024 da faɗa ya kai Metema, wanda ya kwana can ya kwana ke nan. Ga takaba, wata huɗu da kwana goma, wadda doka ta ba mace hutunta, kuma in ta faɗo rarar nan ta mutum ɗaya ta tafi gaba ɗaya, sai dai a nemo wani na wucin gadi, kada a yaudari kai. Don ƙananan irin waɗannan ne ake sa mutum ɗaya kowane mako a matsayin mai jiran kira, sunansa a rubuce, wayarsa da caji, kuma in an kira shi a sa masa alama a layi na huɗu. Na jiki sosai shi ke zaman kwana uku. Sauran mu je mu yi fatiha mu sha shayi mu dawo, ko da yake nan ma za ka ji mutum yana lissafo yadda kakarsa da kakar mamacin suka sha nono ɗaya a Mai Wurno.

Ita Salla ƙarama har yau tana ba mu aiki, domin ba a san ranarta sai daren. Sista babba takan rubuta takarda biyu tun ashirin ga wata, ɗaya in azumi ya yi 29, ɗaya in ya cika 30, ta manna su gefe da gefe, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda safiyar idi ta faɗo masa a ta farko, a ta biyu wani ne. Daren duban wata sai ka ga mutum biyun nan sun fi kowa kasa kunne ga rediyo, ɗaya yana cewa ai sararin nan garau yake dole a gani, ɗayan yana rantsuwa da ƙura a yamma, ko da tabarau ba a ganin komai. Baba kuwa ya ce musu, "Ku kwantar da hankalinku, 'ya'yana, duk wanda ta faɗa wa, ni zan zo in tsaya masa har ya sauko daga idi, amma fa ku rubuta min a shafin baya."